Yadda na bi diddigin sikan ɗin takardar shaida da katin shaida har jabun ya fito

Aikina tantance takardun masu neman aiki ne kafin a kai su gaban kwamiti, kuma yawancin abin da ke zuwa hannuna hoton takarda ne da aka ɗauka da na'urar sikan ko da waya, ba ainihin takardar ba. Zan bi fayil ɗaya daga shigowarsa har rufe shi, domin wanda aka ɗora wa irin wannan aiki ya san abin da zai duba a kowane mataki, ya kuma san inda ido ke yaudarar mutum. Fayil ɗin na ɗauke da abu biyu, takardar shaidar kammala digiri da katin shaida gaba da baya.

Abin da aka fara turo mini hoto ne da ya biyo ta manhajar hira. Kafin in kalli rubutun, girmansa na duba, na ga 905 a faɗi, 1280 a tsayi. Takardar A4 milimita 210 ce da 297, wato tsayinta inci 11.7 ne, don haka in ka raba 1280 da 11.7 za ka samu ɗigo kusan 110 a kowane inci. Wannan adadi shi ake rubutawa `dpi`. A irin wannan girma, babban harafi mai tsayin milimita 3 bai wuce ɗigo 13 ba, kuma da ɗigo 13 ba za ka iya bambance salon harafi ɗaya da mai kama da shi ba. Manhajojin hira suna rage girman hoto, su sake matse shi, su kuma goge bayanan da ke ɓoye a cikinsa, sai duk shafin ya koma dishi-dishi iri ɗaya, na gaskiya da na jabu su yi kama. Ban yanke komai a kansa ba. Na rubuta wa mai takardar cewa ya sake ɗauka daga ainihin takardar, da launi, a kan 300 `dpi`, duk kusurwoyi huɗu su fito, kar ya datse gefe, kuma ya turo ta imel a matsayin fayil. Wannan buƙata ba zargi ba ce, haka nake rubuta wa kowa. Amsa ta ɗan jinkirta, kuma ban ɗauki jinkirin a matsayin alama ba, domin ba kowa ke da na'urar sikan kusa da shi ba.

Da sabon fayil ya iso, PDF ne mai shafi biyu. Na ajiye kwafi ɗaya da ba zan taɓa ba, na yi aiki a kan wani, saboda duk lokacin da ka buɗe hoton JPEG ka sake ajiye shi kana ƙara masa lahanin da ba na mai takardar ba. Sannan na tambayi fayil ɗin abin da ke cikinsa da umarni uku:

```
pdfinfo takarda.pdf
pdffonts takarda.pdf
pdfimages -list takarda.pdf
```

Na farko yana nuna manhajar da ta samar da fayil da ranar da aka yi shi. Na biyu yana lissafa salon haruffan da aka cusa a ciki. Na uku yana nuna hotuna nawa ne a kowane shafi, da girmansu da `dpi` ɗinsu. Sikan na yau da kullum hoto ɗaya ne a shafi, babu haruffan kwamfuta a ciki, sai dai in na'urar ta ƙara ɓoyayyen rubutu domin a iya bincika kalmomi. In ka ga shafin hoto ne amma sunan mutum kaɗai ake iya zaɓa da linzami a kwafe, to an ɗora sunan ne a kan hoton, kuma aikinka ya yi sauƙi. Wannan fayil bai ba ni wannan sauƙin ba. Babu haruffa, hoto ɗaya ne a shafin farko, 2480 da 3508, wanda shi ne daidai girman A4 a 300 `dpi`. A wurin `Producer` na sakamakon `pdfinfo`, sunan manhajar gyaran hoto na gani maimakon sunan na'urar sikan. Na rubuta hakan a takardar aikina, amma ban ba shi nauyi ba, domin mutane da yawa suna buɗe sikan a irin waɗannan manhajoji don su juya shi ko su rage nauyinsa.

Daga nan na koma kan haruffa, kuma a nan ne sabon ma'aikaci ya fi ruɗewa. Takardar shaida ta gaskiya kusan kullum tana da salon haruffa fiye da ɗaya. Sunan makaranta da tambari da zanen gefe ana buga su ne tun farko a maɗaba'a, dubbai a lokaci guda. Sunan ɗalibi da fanninsa da matakin sakamako da ranar bayarwa kuma ofishin makaranta ne ke cika su daga baya da firinta. Don haka bambanci tsakanin sunan makaranta da sunan ɗalibi ba abin mamaki ba ne. Abin da ake kwatantawa shi ne wuraren da aka cika da junansu, tunda firinta ɗaya ce ta buga su a wucewa ɗaya. A wannan takarda wuraren huɗu ne: suna, fanni, mataki da rana. Na zuƙo hoton zuwa 400%, na yanko babban harafin R daga suna da wani R daga layin fanni, na ajiye su gefe da gefe. A layin fanni ƙafar R ta sauko kusan a miƙe, a suna kuwa ta fita a karkace. Na duba ƙaramin t, na ga kansa a yanke yake daidai wa daida a layin fanni, a suna kuma yankan ya jirkice. Bakin harafin e da na s ma haka, a kwance suke a wuri ɗaya, a karkace a ɗaya wurin. Wannan shi ne bambancin `Helvetica` da `Arial`. Faɗin haruffansu ɗaya ne, shi ya sa wanda ba shi da na farko a kwamfutarsa yake ɗaukar na biyu, layi ya zauna masa daidai, ya ɗauka ya gama. Da ido daga nesa ni ma ban ga komai ba. Haruffan da suka fi tona asiri a kowane salo su ne R, G, Q, a, g, t, y, da lambobi 1, 4, 7 da 9, su ake fara nema.

Akwai kuma batun shekarun salon harafin kansa. `Calibri` bai shiga hannun jama'a ba sai da fitowar Office 2007, kuma a 2017 masu bincike a Pakistan sun kafa hujja da wannan a kan wata takarda mai ɗauke da kwanan watan 2006. In ka ga takardar da aka ce an bayar a 1998 an cika ta da `Calibri`, tambaya ta taso. Amma tambaya ce kawai, domin makarantu suna sake buga wa mutum takarda in ta ɓace ko ta lalace, wani lokaci da tsohon kwanan wata.

Bayan siffar haruffa sai zamansu a kan layi. Da wuya mutum ya ɗora takarda a kan gilashin na'urar sikan ta zauna cak ba karkata, ko da rabin digiri ne. Rabin digiri ba ya ganuwa, amma a kan layi mai tsayin milimita 150 yana sa ƙarshen layin ya sauka da kusan milimita 1.3, wato ɗigo 15 a 300 `dpi`. Na ja layin awo a miƙe a ƙarƙashin kowane rubutu. Sunan makaranta ya gangara zuwa dama, layin fanni ya gangara, rana ta gangara, har zanen gefen takardar ya bi su. Suna kaɗai ya zauna a kan layin awon daga harafin farko har na ƙarshe. Takarda guda ce, ba zai yiwu wani sashe nata ya karkata wani ya miƙe ba. Abin da zai iya faruwa a takarda ta gaskiya shi ne firintar ofis ta ja takardar a ɗan karkace, amma in haka ne duk wuraren huɗu za su kauce tare, ba suna shi kaɗai ba.

Mataki na gaba shi ne gefen haruffa da farin da ke kewaye da su, kuma nan na fi daɗewa. Harafin da aka buga a takarda aka ɗauka da sikan ba shi da kaifin baki. In ka zuƙo zuwa 800% za ka ga baƙi yana sajewa zuwa launin takarda a hankali cikin ɗigo biyu zuwa huɗu, bakin yana da ɗan zigizagi saboda saƙar takarda, cikin harafin kuma ba baƙi ƙirin ba ne, toka-toka ne mai duhu da ke canzawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Na ɗora kayan ɗaukar launi a tsakiyar haruffan layin fanni, lambobin da ke fitowa suna yawo tsakanin 35 da 60. A kan suna kuwa ko'ina na taɓa `0, 0, 0` ne, wato baƙi ƙirin, kuma daga baƙi zuwa fari ɗigo ɗaya ne tak. Wannan rubutu bai taɓa hawa takarda ba, a kwamfuta aka haife shi. Akwai masu wayon da ke shafa wa rubutun dishi-dishi don ya saje, amma shafawar manhaja tana fitowa sumul, faɗinta ɗaya a kowane gefe na kowane harafi, ba ta da wannan zigizagin.

Sai na buɗe `Levels`, kayan daidaita haske da duhu a manhajar gyaran hoto, na ja shi har farin takarda ya koma toka, domin ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya gani su fito. Farar takarda a sikan ba fara fat ba ce, tana da tsakuwa-tsakuwa, tana da inuwar lanƙwasa, wani lokaci har rubutun baya yana leƙowa. Da na ja, duk shafin ya fito da wannan tsakuwa, sai wani fili mai kusurwa huɗu a bayan suna da ya fito sumul kamar an shafe bango da sabon fenti. Tsayinsa ya zarce sunan da kusan santimita biyu ta dama, abin da ke nuna sunan da aka goge ya fi wannan tsawo. Takardar tana da siraran layuka masu lanƙwasa a bayan rubutu, irin waɗanda ake sa wa takardun tsaro, kuma a bakin wannan fili layukan sun katse, a wani wurin kuma an yi ƙoƙarin cike su ta hanyar kwafo wani sashe daga gefe, har wani ɗan tabo ya maimaitu sau uku a jere da tazara ɗaya. Datti ba ya maimaita kansa haka a takarda. In ka ga tabo ɗaya ko karce ɗaya a wuri biyu da siffa ɗaya, kwafo shi aka yi.

Akwai wata alama da matsewar JPEG ke barwa. JPEG yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai na ɗigo 8 da 8, ya matse kowanne daban, shi ya sa a kewayen kowane harafi mai duhu ake ganin wata 'yar ƙura da tsani-tsani. A shafin da aka ɗauka gaba ɗaya aka ajiye gaba ɗaya, yawan ƙurar nan kusan ɗaya ne a kan duk rubutun da ke da girma ɗaya. A nan layin fanni yana cikin ƙura sosai, suna kuwa kusan tsaf yake, wato sun sha matsa ba adadi ɗaya ba. Akwai shafukan intanet da ke yin wani gwaji mai suna `ELA` don haskaka irin wannan bambanci. Ina amfani da shi don ya nuna mini inda zan ƙara dubawa, ba na sa shi a rahoto, saboda yana haskaka duk wani abu mai kaifin baki ko jan launi, har da hatimin gaskiya, kuma in an sake ajiye hoto sau da yawa ba ya nuna komai. Kuma kar ka ɗora takardar shaidar mutum a wani shafin da ba ka san inda yake ajiye ta ba, yi gwajinka a kwamfutar ofis.

Waɗannan murabba'ai su suka warware mini batun kaifin hoton. Fayil ɗin ya ce 300 `dpi` ne, lissafin ɗigo ma ya yarda, amma tambarin makaranta da ƙananan rubutun ƙasa duk a narke suke, ba su kai kaifin 300 ba. Da na auna murabba'an da ke bayyana a jikin takardar, sai na ga faɗinsu ɗigo 16 ne maimakon 8. Ma'anarsa ita ce asalin hoton rabin wannan girman ne, wato kusan 150 `dpi`, aka matse shi a haka, daga baya aka ninka girmansa biyu, sannan aka rubuta suna a kan babban. Ƙara wa hoto girma ba ya dawo da abin da bai ɗauka ba, ƙara faɗin dishi-dishin kawai yake yi. Don haka takardar ta 150 ce, sunan na 300, a shafi ɗaya. Wanda ainihin takarda ke hannunsa ba shi da dalilin yin haka, mayar da ita kan gilashi kawai zai yi.

A nan dole in tsaya in yi gargaɗi, domin an sha zaluntar masu takardun gaskiya da wannan alama. Na'urorin sikan na ofis da yawa da manhajojin sikan na waya suna da tsarin rage nauyin PDF da ke raba shafi gida-gida. Suna ware rubutu su ajiye shi baƙi da fari mai kaifi, su ajiye bayan takarda da launuka a ƙaramin `dpi`. In ka duba irin wannan fayil da `pdfimages -list` za ka ga hotuna da yawa a shafi ɗaya, wani 300 wani 100 ko 150, rubutu ya fito baƙi ƙirin, kewaye da shi kuma wani farin haske inda aka ciro shi. Wasu daga cikin alamun da na lissafa a sama za su bayyana, alhali ba wanda ya taɓa takardar. Yadda ake bambancewa shi ne na'ura ba ta san wurin da ke da amfani ga mai takarda ba. Tana yi wa duk shafin abu ɗaya, ko ta yi shi barkatai, rabin kalma a wannan gida rabi a wancan, har da kalmomin da ba mai ribar canza su. Aikin mai jabu kuwa yana tsayawa ne daidai kan suna, ko maki, ko shekara, ko hoto. Haka nan in ka ga lambobi biyu sun yi kama ɗigo da ɗigo, a hoton JPEG alama ce ta an kwafo ɗaya an manna, amma in layin `enc` a sakamakon `pdfimages -list` ya nuna `jbig2` ba hujja ba ce, domin wannan tsarin matsewa da gangan yake maimaita siffa ɗaya ga haruffa masu kama. A 2013 wani masanin kwamfuta mai suna David Kriesel ya gano wasu na'urorin Xerox suna musanya lambobi a sikan ta wannan hanya, 6 ta koma 8, ba tare da hannun kowa ba. In ka yi shakka, nemi a sake ɗauka a matsayin hoto zalla, a kashe rage nauyi.

Shafi na biyu shi ne katin. Katin shaida na zamani milimita 85.6 ne da 54, don haka a 300 `dpi` ya kamata ya ci kusan ɗigo 1011 da 638, kuma haka na samu. Hoton fuska na fara dubawa, domin nan aka fi yin musanya. A katin gaskiya siraran layukan tsaro da walƙiyar rufin katin suna ratsawa ta kan hoton, kaifin fuskar daidai yake da na rubutun da ke gefenta, in kuma akwai ƙaramin hoto na biyu to fuska ɗaya ce. Duk wannan ya yi daidai, hoton nasa ne. Matsalar a ranar haihuwa take. Lambar ƙarshe ta shekara, 5 a cikin 1995, ta fi 'yan'uwanta duhu, ta ɗan ɗaga sama da ɗigo biyu, kuma layukan tsaro sun ɓace a bayanta. Katin yana da layuka uku na haruffa 30 kowanne a baya, waɗanda na'ura ke karantawa, irin tsarin da ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai lamba 9303 ta shimfiɗa, da salon harafi `OCR-B` wanda kowane harafi ke cin faɗi ɗaya. Ba kowane kati ke da su ba, amma in akwai, sun fi kowane gwajin hoto amfani, domin lissafi ne. Layi na biyu yana farawa da ranar haihuwa a lambobi shida, shekara da wata da rana, sai lambar tantancewa guda. Ana ninka lambobin da 7, 3, 1, 7, 3, 1 bi da bi, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe ta jimlar. A katin an rubuta `950415` sai `9`. Lissafi ya ba ni 63 da 15 da 0 da 28 da 3 da 5, jimla 114, wato 4 ya kamata a gani. Na gwada da `900415`, sai ga 63 da 0 da 0 da 28 da 3 da 5, jimla 99, lambar ƙarshe 9. An mayar da 1990 zuwa 1995 a gaba da baya, aka bar lambar tantancewa yadda take. Sai dai in lissafi ya yi daidai, hakan bai wanke kati ba, tunda hanyar lissafin a buɗe take ga kowa.

A wannan lokaci raina ya riga ya yanke hukunci, kuma ban ji daɗi ba, domin na san abin da zai biyo baya ga mutumin. Amma duk abin da ke hannuna hujja ce a kan hoto, ba a kan takarda ba. Hoto na iya nuna an taɓa shi, ba zai iya gaya maka ko mutum ya yi karatun ba. Na taɓa ganin wanda ya gyara kuskuren harafi a sunansa da kansa a kan sikan, alhali digirinsa na gaskiya ne. Don haka na nufi makarantar da ta bayar. Ban yi amfani da lambar waya ko adireshin imel da ke jikin takardar ba, ban kuma amince da shafin da lambar QR ɗinta za ta kai ni ba sai na karanta adireshin harafi da harafi, saboda mai iya canza suna zai iya canza waɗannan ma. Daga shafin makarantar na samo adireshin ofishin magatakarda. Sun buƙaci wasiƙa a kan takardar ofishinmu, kwafin takardar shaidar, takardar amincewa da mai neman aikin ya sa wa hannu tun lokacin da ya cike fom, da shaidar biyan kuɗin tantancewa. Kuɗin ofishinmu ne ya biya kai tsaye, ban bar mai takardar ya shiga tsakani ba, amsar ma na ce a turo mini kai tsaye. Jiran ya ɗauki makonni, sai da na bi da tuni.

Yadda ka tsara tambayar a wasiƙar yana da muhimmanci ƙwarai. In ka tambaya ko takarda mai lamba kaza tana cikin kundinsu, za a ce maka e, domin lambar ta gaskiya ce, ta wani ce. Abin da na rubuta shi ne su tabbatar ko suna da fanni da mataki da shekara da ke kan wannan kwafi sun dace da abin da ke kundinsu a ƙarƙashin wannan lamba, ɗaya bayan ɗaya. Amsa ta zo cewa lamba da fanni da mataki da shekara sun dace, suna bai dace ba, kuma ba su da wanda ya kammala da wannan suna a wannan shekara. Ba su faɗi sunan mai ita ba, ni ma ban nema ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ba mutumin dama ya zo da ainihin takardunsa, a gaban wani abokin aikina. Abin da ya kawo bugun firinta mai launi ne a kan takarda mai kauri. Da gilashin ƙara girma mai ninki 10, siraran layukan da ya kamata su zama zare ɗaya mai launi ɗaya sun fito a tarwatse, ɗigo-ɗigo na shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Hatimin da ya kamata yatsa ya ji tudunsa a shafe yake, sa hannun bai bar kwarmin biro a bayan takardar ba, ƙananan rubutun gefe kuma sun zama layi mara karantuwa. Katin kuwa ya ce ya ɓace. Ban yi masa gardama ba, na rubuta abin da ya faɗa kamar yadda ya faɗa.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya tura wa makaranta wasiƙa tun ranar da fayil mai kyau ya shigo, ya yi binciken hoton yana jiran amsa, domin binciken awa ɗaya zuwa biyu ne, jiran kuma makonni. Ya nemi takardar amincewa daga kowa tun wajen cike fom, saboda neman ta bayan zargi ya taso yana da wuya. Kar ya gina hukunci a kan alama ɗaya. Abin da ya ba wannan fayil ƙarfi shi ne alamu huɗu da ba su dogara da juna ba, salon harafi da karkata da shafaffen fili da kaifi, duk sun taru a wuri ɗaya, kuma wurin shi ne wanda canza shi ke da riba. Kar kuma ya ɗauka sikan mai tsafta ya tsira, domin in aka buga jabun a takarda aka sake ɗaukarsa da sikan, baƙin rubutu da ƙurar gefe duk za su daidaita, irin su salon harafi da bambancin karkata da amsar makaranta ne za su rage.

A rahoton da na miƙa ban rubuta kalmar jabu a bakina ba. Na rubuta abin da na auna: salon haruffan suna ya bambanta da na sauran wurare uku, ga hotunan R da t gefe da gefe, sauran layuka sun gangara da ɗigo 15, suna bai gangara ba, murabba'an matsewa na jikin takarda 16 ne, lambar tantancewar ranar haihuwa ta dace da 1990, ga kuma wasiƙar makaranta. Na haɗa da fayil ɗin da ban taɓa ba, da imel ɗin da ya kawo shi, da lambar da `sha256sum takarda.pdf` ya fitar, domin in maganar ta kai gaban lauya a iya tabbatar da cewa fayil ɗin da aka bincika shi ne wanda aka turo.